Maki da hujjarsa a fom ɗin tantance aikin ma'aikata

A wata tattaunawa kan tantance aikin ma'aikata, abin da aka fi nanatawa shi ne duk makin da shugaba zai ba ma'aikaci, ya ajiye hujjarsa a gefe: aikin da aka yi, da lokacinsa, da sakamakonsa. Kalma irin "mai ƙwazo" ko "malalaci" ba ta nuna komai.

Wata mai kula da sashe ta kawo misali. Maimakon "yana jinkiri", a rubuta: "Cikin rahotannin wata-wata 12, ya miƙa 9 a kan kari, 3 sun makara, an yi magana da shi a watan Yuni, daga nan bai sake makara ba." A fom mai maki 1 zuwa 5, inda 3 ke nufin an cika abin da ake buƙata, wannan ma'aikaci maki 3 ya cancanta, domin ya gyara. Ni ma na gamsu da hakan.

An kuma yi gargaɗi kan dogaro da ƙwaƙwalwa, don abin da ya faru a watannin ƙarshe yakan danne na farkon shekara. Maganinsa a riƙa rubuta bayani kowane wata, ana sanar da ma'aikacin tun a lokacin. Laifin da ba a taɓa faɗa masa ba, bai kamata ya fara ganinsa a fom ba.