Wace kalma za mu sa wa "fayindin" a takardar kwamitin odit?

Hadiza: Jama'a, ina rubuta wa kwamitin odit takardar ƙarshen shekara kan manyan abubuwan da masu binciken cikin gida suka gano, waɗanda har yau ba a gyara ba. Kalmar "fayindin", wato sunan da ake ba irin abin da suka gano a Turance, ita ce ta tsaya mini. Na sa "sakamakon bincike", amma bai zauna ba.

Bala: Ki ce badaƙala kawai, kowa zai gane.

Malam Sani: A'a, Bala. Badaƙala zargin cin kuɗi ce, kuma odita ba ya rubuta zargin da bai tabbatar ba. Ga misali: an gano ma'aikaci ɗaya ne ke shigar da sunan sabon ɗan kwangila a manhajar biyan kuɗi, shi ne kuma ke amincewa a biya shi. Ƙa'ida ta ce mutum biyu dabam su yi. Mai yiwuwa ko sisi bai ɓata ba, amma duk ranar da ya ga dama zai ƙirƙiri kamfanin bogi ya biya kansa. Abin da ya sa ake ce masa mai babban haɗari ke nan. Ni "kafa" nake cewa, tunda toshe ta ake yi.

Hadiza: Malam, "ɓaraka" fa? Ɓarakar da ba a ɗinke ba.

Rabi: Ɓaraka ta fi kama da rigimar 'yan jam'iyya. Kafa kuma a rubuce, in allon waya ba shi da ƙ, sai ta rikice da ƙafa. Mu a wurinmu "giɓi" muka sa, muka rubuta "an cike" da zarar shugaban sashe ya ce ya gyara.

Malam Sani: Giɓin ya yi, Hajiya Rabi, domin tazara ce tsakanin ƙa'ida da abin da aka tarar. Amma maganar shugaban sashe ba ta cike shi. A misalin nan sai odita ya koma ya duba jerin izini a manhajar, ya ga an cire wa mutumin ɗaya daga cikin biyun, sannan ya ɗauki wasu biyan da aka yi bayan gyaran ya gwada. Kafin nan a buɗe yake.

Kuma Hadiza, kada ki tara su duka a "ba a cike ba". Wanda wa'adinsa bai yi ba daban, wanda wa'adi ya wuce daban, ki rubuta wanda ya ɗauki alhaki da sau nawa aka ɗaga ranar. Akwai kuma wanda shugabanni suka ce sun ji sun gani, za su zauna da haɗarin. Wannan shi ne kwamiti ya fi buƙatar sani.

Hadiza: Na ɗauki "giɓi mai babban haɗari". Na ƙarshen nan fa? "Kasadar da aka amince da ita"?

Rabi: Kasada kam shugabanni ba za su sa hannu a kanta ba. A sake nema.