Wane suna za mu ba dayuretik, maganin nan na masu raunin zuciya?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa masu raunin zuciya takardar bayani, na maƙale a kan dayuretik, irin su furosimaid. Na sa "maganin fitsari" amma bai kwanta mini ba.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Kar ka bar shi haka, za a zaci na zafin fitsari ne. Ka sa "maganin kumburi", ai ƙafa yake saɓarwa.

Sista Nas: Yaya, wannan sunan ne ya fi ba ni tsoro. In mutum ya nemi maganin kumburi, dikulofinak ko ibufurofin za a miƙo masa, su kuwa riƙe gishiri da ruwa suke yi a jiki, su ƙara wa zuciyar kaya. Kuma mai jiran ƙafa ta kumbura ya makara, don lita biyu ko uku kan taru ido bai ga komai ba. Sikeli ne ke fara tonawa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Kullum da safe, bayan fitsari, kafin a ci komai, a hau sikeli ɗaya, kaya masu nauyi ɗaya, a rubuta. Wanda ya saba da kilo 70, Litinin ya ga 70.5, Talata 71.4, Laraba 72.3, ba ƙiba ya yi ba, ruwa ne. Ƙarin da ya wuce kilo 2 cikin kwana 3, a kira likita ranar.

Auta: Mahaifiyata na shan dayuretik ɗin, amma ƙafarta lafiya lau. Sai dai kwana biyun nan ba ta iya barci sai an tara mata matashi uku. Mu dakatar ne?

Sista Nas: Auta, kar ku dakatar, kuma kar ku ƙara da kanku. Ku kai Mama a duba ta yau. Kasa kwanciya miƙe alama ce ta ruwa a huhu. In ta fi yawan kwanciya, ki danna yatsa a ƙasan bayanta ki ga ko ya lotsa, can ruwan ke taruwa. In numfashi na gagarar ta ko tana zaune, sai sashen gaggawa yanzu.

Mai Fassara: Allah Ya ba ta lafiya. To "maganin rage ruwan jiki" fa?

Sista Nas: Amin. Na fi son sa. Yana nuna ana iya ragewa ya wuce kima: jiri in an miƙe, bushewar baki, nauyi na zubewa, musamman in ana gudawa ko amai.

Yaya Babba: Ya yi tsawo. Kuma gishiri ƙoda ke fara fitarwa, ruwa ya bi shi, sunan bai faɗi haka ba. Marasa lafiya "maganin ruwa" za su ce, kuma hakan na nufin na kwalba.

Mai Fassara: Zan sa "maganin rage ruwa", in yi bayanin gishirin a ƙasa. Wanda ke da gajere da ya fi shi, ina jira kafin a buga.