Burujinmu bai dace ba, amma ga mu shekara tara

Uwar Biyu: Kafin aurenmu wata ƙawata ta duba ta ce in gudu, wai ni burujina Hamal ne, shi nasa Saratan, wuta da ruwa. Maganar ta daɗe tana cina. Bara na zauna na haɗa taswirar haihuwata da tasa, wato inda Rana, Wata da taurari suke a sama lokacin da aka haifi kowannenmu, haɗin da ake kira sinastiri, sai na ga ko lissafin Ranar ma ba haka yake ba. Kowane buruji digiri 30 ne. Ranata tana digiri 28 na Hamal, tasa tana digiri 3 na Saratan, tazararsu 65 ke nan. Wannan ya fi kusa da 60, kusurwar da masu ilmin taurari ke ɗauka ta jituwa, ba 90 ta saɓani da aka tsorata ni da ita ba. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Dattijo: 'Yata, kin taɓo inda gizo ke saƙar. Rana tana yin kusan wata guda a buruji ɗaya, don haka duk mutanen duniya an zuba su a kwando 12. Ni da ƙanena burujinmu ɗaya, amma ko gardama ba ma yi iri ɗaya. Sinastiri kuwa ɗora taswira ake yi a kan taswira, a duba inda Wata, Zahra, Mirriku da Zuhal na wannan suka faɗa a kan na wancan. A wajen masu wannan ilmi Wata shi ne abin da ke kwantar wa mutum da hankali, Zahra yadda yake nuna so, Mirriku sha'awa da fushi. Me kika gani a nan?

Uwar Biyu: Baba, Zahrata tana digiri 10 na Sauru, Watansa yana 12, kusan a haɗe. Wallahi da na karanta fassarar sai da na ajiye wayar. Mutumin nan idan ya dawo a gajiye ba ya son tambaya, so yake in zauna kusa da shi shiru, ni kuma haka nake nuna kulawa tun asali. Amma Zuhal ɗinsa ya yi wa Watana kusurwar 90, saura digiri 2. Nan ne ciwon: in ina kuka sai ya hau jero mini mafita, ni kuma in ji kamar hukunci ake yanke mini.

Amarya: Ni manhajar da na saka ta ba mu kashi 41 cikin ɗari. Anti, in fasa ke nan?

Uwar Biyu: Haba ƙanwata, ba makin jarrabawa muke magana ba. Kin ma san lokacin haihuwarsa?

Amarya: Ya ce da safe ne ko da yamma, mahaifiyarsa ba ta tuna ba.

Dattijo: To babban kaso na abin da kika gani ba shi da tushe. Burujin da ke hudowa daga gabas yana sauyawa kusan duk awa biyu, kuma da shi ake yanka gidaje 12 na taswira. Wata ma yana tafiyar kusan digiri 13 a yini. In manhajar ta ɗauki tsakar rana, za ta iya kauce wa Watansa da digiri 6, kusurwar da ta nuna miki ta zama babu ita.

Ɗan Sauru: Ni dai na ce a bar Rana a duba Wata kawai. Kuma ni da matata Zuhal ɗinmu a buruji ɗaya yake, alamar ɗorewa.

Dattijo: Zuhal yana shekara biyu da rabi a buruji, ɗana. Abin da ya nuna kawai shi ne ku sa'o'in juna ne.

Malama Mai Lissafi: Ni na yi sinastiri da tsohon mijina, komai ya fito fes, kusurwar jituwa ta 120 nan, ta 60 can, shekara uku muka rabu. Daga baya na gane dalili ɗaya: taurari goma a kan goma haɗi ɗari ne, in ka yarda da kaucewar digiri 8, dole ka tsinci abin da zuciyarka ke nema. A 2007 wani mai bincike, David Voas, ya bi bayanan ma'aurata miliyan goma na Ingila da Wales, bai ga burujin Rana yana da hannu a wa ke auren wa ba. Sinastiri ya fi yawan bayani, amma yawan bayani ba hujja ba ne.

Uwar Biyu: Yaya, ban musa miki ba, watakila shekara tarar da na zauna da shi na karanta a cikin taswirar. Sai dai daren da na nuna masa maganar Zuhal ne ya fara tambayata, "To in kina kuka me kike so in yi?" Bai taɓa tambaya ba kafin nan.

Amarya: Na aika ya nemo katin asibitin da aka haife shi. In lokacin yana jiki zan dawo.