Sabon babur: gudun nawa, kuma yaushe ne sabis na farko?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Na ciro Boxer sabo dal a kwali. An ce in kunna shi in bar shi yana aiki a tsaye awa uku kafin in fara hawa. Gaskiya ne? Gudun nawa zan riƙa yi, kuma yaushe zan juye baƙin mai?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka soma. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, a tsaye kuwa ba iskar da ke dukan bulo, sai ya ɗau zafi mai ya tsinke. Ɗumama shi na minti ɗaya ko biyu da safe ya isa.

Abin da ake nema shi ne ringi ya zauna daram a jikin bulo, kuma sai da ɗan nauyi mai sauyawa yake zama. A kilomita 500 na farko gudunka ya tsaya tsakanin kilomita 40 da 50 a awa, totur kada ya wuce rabi. Daga nan ka ƙara kaɗan-kaɗan, amma ban da murɗewa ƙarshe sai ka kai wajen 2,000. Kar kuma ka kafe a gudu ɗaya na tsawon tafiya, ka riƙa sauya giya. Wanda ya fi ɓarna shi ne tafiyar 20 a giya ta huɗu: za ka ji injin yana kakari yana ƙwanƙwasa, to sauko giya. Mutane na ɗauka lallaɓawa ce, alhali wahalar da shi suke yi.

Ɗan acaɓa: Ka zuba ɗan baƙin mai cikin fetur, yana tausasa fistin. Sannan ban da goyon biyu ko buhun masara yanzu.

Bakanike: Maganar lodi daidai ce, ɗan'uwa. Ta zuba mai kuwa ta tsofaffin babura masu hayaƙi ce. A wannan, filogi zai yi baƙi, salansa ta fara hayaƙi, shi ke nan ribar.

Mai sayar da kayan gyara: Sabis na farko tsakanin kilomita 500 da 750, ko da man bai yi baƙi ba, domin garin ƙarfen da sababbin sassa ke saki yana cikinsa. A juye da ɗuminsa, a wanke rariyar mai, a zuba 20W-50 na babur kusan lita ɗaya, a duba ma'auni. Tafet, wato tazarar bawul, sai inji ya huce ake saita shi. A duba sarƙa da notuna, sukan saki da wuri. Ɗan ƙyalƙyali a man farko ba komai ba ne, amma in akwai gutsattsarin da yatsa ke ji, a mayar wa dila babur ɗin.

Wani ɗan zaure: Ni dai a 300 nake ganin ya dace a fara juyewa, ƙurar wajenmu ta yi yawa.

Mai sayar da kayan gyara: Ba zai cutar ba, sai dai aljihu. Amma ƙura aikin matatar iska ce, ita za ka riƙa dubawa.