Camry ce a gwanjon Amurka, ko in taya? Waɗanda suka taɓa saye su faɗa mana yadda ta kaya

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Na ga Camry 2017 a gwanjo, tana Denver a jihar Colorado. An rubuta mata Run and Drive, lalacewar kuma Front End. A hoto bamba ce ta fashe da fitila ɗaya, iyabag bai tashi ba. Dala 9,000 gare ni duka-duka har ta shigo Katsina, shi ne nake tunanin in taya har 4,000. Don Allah wanda ya taɓa saye ya gaya mini abin da ya gani.

Mai Sienna: Wa'alaikumus salam. In dai Run and Drive ce ai shike nan, inji da giya lafiya lau ke nan. Biyu na sayo haka, ba wadda ta ba ni ciwon kai. Ka dai duba takardarta, kada ta zama Certificate of Destruction, wato takardar motar da aka ware don a wargaza, irin wannan fitar da ita daga ƙasar ma aiki ne.

Alhajin Kwantena: Maganar takarda gaskiya ka faɗa, Malam, amma ta farkon sa'a ka yi. Abin da gidan gwanjon Copart ke nufi da Run and Drive shi ne ranar da motar ta shigo filinsu an tayar ta tashi, an sa giya ta matsa gaba da kanta. Iyakarsa ke nan. Ba wanda ya hau titi da ita, ba kuma alkawari suka yi cewa za ta tashi ranar ɗauka ba. Motar da lagiretonta ya fashe ruwa ya tsiyaye tas za ta iya tashi ta yi taku goma.

Ni ta taɓa cin ni. Accord ce, bugun gaba, a hoto kamar ka sa bamba ka wuce Jibiya. Da ta iso, fanabita ya zagaya ta sau ɗaya, ya sa yatsunsa tsakanin tayar gaba da fenda. Ɓangaren direba yatsu huɗu suka shiga, ɗaya ɓangaren biyu da ƙyar. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ƙafar nan ta koma baya." Bugun ya kai shasi. Da dare na koma kan hotunan gwanjon na ƙara musu girma, wallahi ga shi nan ɓaro-ɓaro, tayar ta matsa wajen ƙofa. Laifina ne, farashi nake kallo a lokacin, ba mota ba.

Tun daga nan hoton gefe nake fara dubawa, hagu da dama, in kwatanta zaman tayoyin gaba. Sai layin da ke tsakanin banat da fenda, in gefe ɗaya ya buɗe ɗaya ya matse, ƙarfen ciki ya motsa. Sannan in dubi ƙasan da motar ke tsaye ko akwai jiƙa. Hoton dashbod ma yana magana: in allurar inji na kan sifili, ba a kunne take ba sa'ad da aka ɗauka, don haka rashin ganin fitilar gargaɗi bai gaya maka komai ba.

Baban Ummi: Ni abin da na sani kada ka sayi ƙasa da maki 4. Mai 4.5 kamar sabuwa take, in ka ga R kuwa an yi hatsari da ita an gyara.

Alhajin Kwantena: Baban Ummi, wannan makin gwanjon Japan ne, kuma daidai ka kawo shi. Sai dai mafi yawan motocinsu sitiyarin dama ne, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, motar sitiyarin hagu muke shigowa da ita. Tasa a Amurka take. Masu maki irin wannan a can su ne Manheim, daga 0 zuwa 5, shi kuma gwanjon diloli ne.

Bakanike Daura: Ƙanena, ɗauki lambar VIN ɗin, wato lambar shasin motar, ka liƙa a Google kafin komai. Akwai masu sayen mota ragargaje a gwanjo, su rataya mata bamba da banat, su cusa iyabag su rufe, su mayar da ita gwanjo. Wata Corolla da aka kawo mini gareji a nan Daura, da muka cire bambar waya muka tarar an ɗaure ta da ita, bayanta fanko, ko ƙarfen tare bugu babu. Mai ita ya nemi VIN ɗin daga baya, sai ga tsofaffin hotunanta, gaban ya shige har inji. Saboda haka in mai sayarwar kamfanin inshora ne hankalina ya fi kwanciya. Wadda aka rubuta wa Water/Flood kuwa, wato ruwa ya ci ta, ko kyauta ba na so, wutarta ba ta ƙarewa.

Hajiya Maman Sadik: Ni tawa Hail ce, ƙanƙara ta faɗo mata. Rufi da banat duk lotse-lotse kamar an daddaka, amma inji da ƙafa ba abin da ya taɓa su. Shekara ta uku ke nan, ban ma gyara rufin ba, wa ke leƙa saman mota? Abin da ya ƙona mini rai kuɗin ajiya ne. Kuɗina ya makale wajen canji, kwanakin kyauta suka wuce, kullum ana ƙirga mini dala.

Alhajin Kwantena: To mu koma kan 4,000 ɗinka, don nan ne ba ta fita. Ni daga Katsina nake fara lissafi in koma baya. Zan yi maka da abin da na biya a ta ƙarshe, ka tambayi na yau domin suna canzawa. Gyara ka ware 1,000, tunda bamba da fitila ba su zuwa su kaɗai. Tirela daga Legas kamar 300. Kwastam da kiliyarin sun ci mini kusan 2,500 in an juya naira, kuma da VIN suke ƙiyasta darajar mota yanzu, ba ruwansu da arhar da ka samu. Jirgin ruwa 1,400, dillalin da ya taya maka 300.

Sai abin da sabon shiga ke mantawa, wato jan motar daga filin gwanjo zuwa bakin teku. Denver tsakiyar ƙasa take, kafin a kai ta tashar jirgi a Texas ka sa 1,100. Haɗa duka, 6,600. Cire daga 9,000, saura 2,400, kuma a cikinsu gidan gwanjo zai ɗauki nasa, kuɗin mai saye da na tayi ta intanet da na fitar da mota daga fili, ka ce 700. Tayinka ke nan ba zai wuce 1,700 ba. Camry 2017 mai tashi ba za a sallama maka a haka ba. In ka kai 4,000, kuɗin gidan gwanjon ma ƙaruwa zai yi, sai ka tsinci kanka sama da 11,000.

Da a Atlanta take, kusa da tashar Savannah, jan bai fi 350 ba, ka ga 750 ta dawo cikin tayinka. Ni na sha barin mota mai arha a nesa in ɗauki mai ɗan tsada a Georgia ko Maryland.

Mai Sienna: Alhaji, 2,500 ta yi yawa. In ya bi ta Kwatano fa?

Alhajin Kwantena: Tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa. Mu da ke tsakanin Jibiya da Kwangwalam mun san abin da ke samun mota marar takardar fito a hanya.

Bakanike Daura: Ni kwantena na fi so, ko da tsada. Motar da aka tuƙa ta shiga jirgi a buɗe take, na ga wadda ta iso ba rediyo.

Hajiya Maman Sadik: Tawa tuƙa ta aka yi ta shiga, ko tabarmar ƙafa ba ta ɓata ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai. Na ƙara girman hoton gefen dama, kamar tayar ta ɗan matsa, amma inuwa ta rufe wurin, ban tabbata ba. VIN ɗin bai nuna tsohon gwanjo ba. Alhaji, na ga wata 2015 a Baltimore, bugun baya ce. Ita me zan fara dubawa?