Takardar mai gida ce ke tayar da mutum, ko kotu?

Tela, Aboabo a Kumasi: Salamu alaikum. Mai gidana ya turo yaro da takarda, layi biyu: "Ka bar shagona ƙarshen wata, zan zuba kayana." Ba kwanan wata, ba sa hannu. Adibas ɗina, kuɗin hayar shekara biyu da na biya tun farko, ya ƙare. Wani ya ce da takarda ta shigo hannu, magana ta ƙare. Haka ne?

Hajiya mai koko: Gaskiya ya faɗa maka, ɗana. Mai abu ya ce a ba shi abinsa. Amma wata uku ake bayarwa a Ren Kontrol, ofishin gwamnati mai sauraron rikicin haya, ka je ka nemi naka.

Malam, tsohon akawun kotu: Hajiya, da girmanki, wata ukun nan sulhu ne da aka saba yi, ba shi ne dokar kowane hali ba. Takarda sanarwa ce kawai. Dokar haya ta Ghana ta 1963, lamba 220, sashe na 17, ta bar wa kotu ikon tayar da ɗan haya. Ren Kontrol su saurare ku, in ba ku daidaita ba su miƙa wa majistare. Sai ya yanke hukunci, sannan ma'aikatan kotu su zo da takardar karɓar wuri. Kafin nan mai gida ba shi da ikon sa kwaɗo ko cire ƙofa.

Alhaji, Asawase: To mu masu gida fa? Nawa ɗan hayar wata biyar bai biya ba, kullum sai "gobe, Alhaji".

Malam: Naka daban ne, Alhaji. Kuɗin haya in ya wuce wata ɗaya ba a biya ba, dalili ne da kotu ke karɓa. Amma ko kai sai ka bi ta kotun.

Kai kuma Tela, mai gida da ke son shago don kasuwancin kansa bayan haya ta ƙare, sai ya ba da wata shida a rubuce, yana sanar da kai zai nemi kotu ta karɓar masa wurin. In ya miƙa maka ranar 1 ga Maris, sai Satumba ta kama zai iya shigar da ƙara. A takardar, alƙali zai duba sunanka da nasa, wane shago a wane gida, ranar rubutawa, wa'adin, dalili, da sa hannu. Taka ko ranar fara ƙirga babu.

Hajiya: Ni dai na ga wadda aka watsa wa tukwane a bakin kwata, ba kotu ba komai.

Malam: Ana yi, kuma abin na ci mini rai. Ta kai ƙara, ta ɗauki hoton kayan. Tela, kada ka yaga takardar, ka ci gaba da biya kana karɓar rasit.

Tela: In ya ƙi karɓar kuɗin fa, Malam?

Alhaji: Ni dai kafin kotu ta zauna, wa zai biya ni wata biyar ɗina?