Tambayar da ke gane wanda ya karanta littafi

Malaman adabi da muka tattauna da su sun yarda cewa tambaya irin “mene ne jigon littafin?” ba ta bambanta wanda ya karanta da wanda ya haddace taƙaitaccen bayani, domin jigo da sunayen taurari su ne abin da kowane taƙaitawa ke ɗauke da shi.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a tambayi abin da mai taƙaitawa ke zubarwa. A ce a labarin yarinya ta ƙi auren da aka yi mata. Kada a tambayi ko ta ƙi. A ciro maganar da ta faɗa wa gwaggonta, a ce: wa take faɗa wa, me ya faru gab da haka, kuma me ya sauya bayan ta faɗa? Wanda bai bi shafukan ba zai koma zancen auren dole gaba ɗaya, nan take a gane shi.

Wata malama ta ja kunne, kuma ina bayanta: tambayar launin riga ko sunan wanda ya leƙo sau ɗaya tana kayar da ɗalibin da ya karanta tsakani da Allah. A zaɓi abin da in an cire shi labarin zai karkace, a kuma bar su su buɗe littafin su nuna shafin da suka dogara da shi.